Sunan da Ba Ya Shiga Fom

Bara, gab da komawa makaranta, Baffana ya kira ni. Zuri'armu na da asusun biyan kuɗin makarantar marayu, kuma littafin da ake rubuta sunaye ya tsufa. Ya ce, "Kai da kake aikin kwamfuta, ka tsara mana shi mu huta."

Na yi abin da na saba yi a wurin aiki. Na buɗe gurbi biyu, `first_name` da `last_name`, na ce manhajar ta tara mutane gida-gida bisa sunan ƙarshe. Da na kai wa Baffa takardar, ya sa tabarau ya bi ta har ƙasa, sannan ya ɗago.

"Ɗan nan, ina 'ya'yan marigayi yayanka?"

Yara uku ne, suna cikin kwamfutar, amma ba su fito a gidanmu ba. Ni sunan kakanmu nake amfani da shi a takardu, su kuwa an rubuta musu sunan mahaifinsu a firamare. Manhajar ta ɗauke su baƙi. Ta kuma haɗa mana wasu dangi na nesa, don kawai ubansu takwaran kakana ne. Da Baffa bai duba ba, da marayun gidanmu sun rasa kuɗin zangon.

Laifina ne. Na ɗauka sunan ƙarshe yana nuna asali, kamar yadda yake a ƙasashen da aka ƙirƙiro irin wannan fom. A wurinmu abin da ke biye da sunan yanka yawanci sunan uba ne, kuma yana sauyawa daga tsara zuwa tsara. Wani lokaci ma gari ne: Shagari da Tafawa Ɓalewa sunayen garuruwa ne kafin su zama sunayen shugabanni.

Sunan dangi kuwa daban yake tafiya. Dubi gidan sarautar Kano. Tun hawan Ibrahim Dabo a 1819 sarautar tana hannun Sulluɓawa, ɗaya daga cikin dangogin Fulani. Sarki Abdullahi Bayero ya haifi Muhammadu Sanusi da Ado Bayero, duka biyun sun yi sarauta. 'Ya'yan Ado suna amsa Bayero, jikan Muhammadu Sanusi kuma duniya ta san shi da Sanusi Lamido Sanusi. Manhajata da ta raba su gida biyu. Amma ƙabilarsu ɗaya, Fulani. Danginsu ɗaya, Sulluɓawa. Zuri'arsu ɗaya, ta Dabo. Ba kuwa za ka ji an kira ɗayansu da Basulluɓe a matsayin sunan ƙarshe ba.

Harshen da kansa yana nuna bambancin. Sunan dangi ko ƙabila yana da tilo da jam'i, da namiji da mace: Bagobiri, Bagobira, Gobirawa. Sunan uba ba ya yin haka. Aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Sunan uba yana amsa tambayar "ɗan wane ne?", sunan dangi yana amsa "su wane ne?" Da shi ake sanin abokin wasa, da shi ake gadon wasu sarautu: a Kano, Madaki daga Yolawa yake fitowa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa.

Ba na cewa ba mu da sunan iyali mai ɗorewa. Ɗantata laƙabin mutum ɗaya ne, Alhassan, attajirin da ya rasu a 1955, yau kuma jikoki da tattaɓa-kunne suna ɗauke da shi. Amma asalinsa Agalawa ne, sunan da ya girmi laƙabin, ya kuma haɗa gidaje da yawa da ba su amsa Ɗantata. Ta ɓangaren uwa, Aliko Ɗangote jinin gidan ne, sunansa kuwa bai nuna hakan ba ko kaɗan.

Wannan ya sa na rushe aikin na sake. Na daina tambayar manhajar wa ya yi kama da wa a suna. Kowane mutum ya samu lambarsa, tare da `father_id` da `mother_id`. Sunan dangi na rubuta shi sau ɗaya, a kan kakan kakanmu, yana gangarowa ta wajen uba kamar yadda al'ada ta tanada. Gurbin uwa kuma shi ya shigo da 'ya'yan goggonnina, waɗanda ba su gaji sunan danginmu ba amma suna da haƙƙi a asusun.

Wahalar ita ce kwamfuta ba ta san wa ya haifi wa ba sai an faɗa mata. Na yi Asabar huɗu a ɗakin Goggo babba, tana lissafo haihuwa da aure da mutuwa, ina bugawa. Wani wurin takan tsaya ta ce, "Wannan riƙo ne, ba haihuwa ba," sai na ƙara gurbin da ban taɓa tunaninsa ba.

An biya wa yaran uku kuɗinsu. Ƙaramar ta leƙa wayata, ta ga layi ya tashi daga sunanta ya bi ta kan babanta har ya haɗu da nawa. Ta ce, "Baffa, to me ya sa sunanmu ba ɗaya ba?" Na ce ta je ta tambayi Goggo, ta tafi da littafi.