Zare: yadda ƙanwata ta koyi bakin talla a kasuwar Sallarta ta farko

1/ Masu ƙananan sana'a a waya, ku zo mu yi hira. Kalmar "mai kyau" ba ta sayar da kaya, domin babu mai tallar da ke cewa nasa mummuna ne. Abin da ke jawo mai saye shi ne ka amsa masa tambayar da yake jin nauyin yi. A wajen ƙanwata na ga wannan, a azumin da ya wuce.

2/ Ta gama sakandare tana jiran gurbin jami'a, zaman gida ya ishe ta. Mama ta ɗauki adashi, ta ba ta aron naira 150,000 da sharaɗi ɗaya: bayan Sallah kuɗin ya dawo cif, don na gyaran rufin ɗaki ne kafin damina. Kun ga ba jarin wasa ba ne. Ni aka ɗora wa riƙe littafin lissafi.

3/ Saura kwana goma a kama azumi muka shiga Kantin Kwari. Ta saro atamfa turmi 12 a kan 8,500 kowanne, 102,000 ke nan. Ta ƙara mayafi 10 a kan 3,200, wato 32,000. Ragowar 16,000 ta ware na kuɗin mota, leda da data. Ta yanke za ta sayar da atamfa 10,500, mayafi 4,500.

4/ Da daddare ta ɗora hotuna a sitatus ɗinta na WhatsApp, ta rubuta: "Sababbin kaya sun iso, masu kyau da inganci. A tambayi farashi ta inbos." Mutum saba'in da wani abu suka kalla. A mako guda huɗu ne suka tambaya, duka huɗun suka ce "za mu yi magana". Kun dai san fassarar wannan.

5/ Ranar azumi na biyu Goggonmu ta zo shan ruwa. Ita ta fi shekara ashirin tana sayar da zannuwa a cikin gida, ba ta da shago, ba ta da sitatus. Ta karɓi wayar ta duba, ta ce: "'Yar nan, wannan ai gaisuwa kika yi, ba talla ba. Matar da ke kallon zanen nan, me kike jin take tsoro?"

6/ Ƙanwata ta ce, "Tsada, Goggo?" Ta ce, "Tsada ɗaya ce cikin huɗu. Tana tsoron ta tambayi kuɗi ya fi ƙarfinta ta ji kunya. Tana tsoron ya zuba a wanki. Tana tsoron yadin bai cika ba. Tana tsoron tela ya ce ya rufe karɓar ɗinki. Ki amsa huɗun nan tun ba ta buɗe baki ba."

7/ Aka fara da farashi. Ƙanwata ta ɓoye shi ne don kada masu sana'a irin tata su gani su karya mata. Goggo ta ce su ai sun san hanyar Kwari, ba abin da ta ɓoye musu. Wadda aka kora ita ce mai 11,000 a hannu, da ta ɗauka zanen ya kai 20,000 ta wuce shiru. Aka rubuta kuɗin a ƙasan kowane hoto.

8/ Sai maganar zuba. Kowa yana rubuta "ba ta zuba", shi ya sa ba a yarda da shi. Mama ta sayi turmi ɗaya a matsayin kayan Sallar ƙanwar tawa, kuɗi hannu ba ragi. Daga shi aka yanki ƙyalle kamar tafin hannu, aka jiƙa a ruwan omo, aka cuɗa, aka ɗauki bidiyon ruwan yana nan fari.

9/ Sauran kuwa ba a yanka ba, don kada yadi ya ragu. Farin hankici aka jiƙa aka goga a gefen kowane turmi. Duk suka fita lafiya, sai guda biyu masu ja da suka ɗan bar kala a jikin hankicin. Ƙanwata ta ce, "Yaya, mu yi shiru mana." Goggo ta ce, "Ki yi shiru yau, bayan Sallah a yi miki talla a gidan biki."

10/ Sai ta rubuta a ƙasansu: "Jan nan yana ɗan saki a wankin farko, a wanke shi shi kaɗai." Wallahi ɗaya daga cikinsu aka fara saya. Matar da ta ɗauka ta ce tunda ta faɗi aibin wannan, ta yarda da abin da ta faɗa a kan sauran. Ta dawo bayan kwana biyu ta ɗaukar wa 'yarta wani.

11/ Na uku, yadi. Turmin atamfa yadi shida ne, amma mata da yawa sun taɓa kai wa tela ya ce ba zai fitar da riga da zane da ɗankwali ba. Don haka aka ari tef ɗin awo a maƙwabta, aka shimfiɗa turmi a tsakar gida aka auna a bidiyo. Rubutun ƙasa gajere ne: "Yadi shida cif, ki auna kafin ki biya."

12/ Na huɗu shi ya fi motsa mutane, wato tela. Duk wanda ya taɓa kwana a shagon ɗinki daren Sallah ya san teloli da yawa suna daina karɓar sabon aiki tun wajen tsakiyar azumi. Ma'ana atamfa tana da wa'adi. Turmin da bai fita a goman farko ba, ƙarfinsa raguwa yake kullum.

13/ Ƙanwata ta je wajen mai ɗinkin unguwarmu ta ce, "Anti, sai yaushe za ki rufe karɓa?" Ta ce azumi na 12. Ta nemi izini ta sa wannan a talla, aka ba ta. Ga saƙon da ya fito a ƙarshe:

"Atamfa ruwan goro da ruwan toka. Yadi 6 cif. 10,500. Na gwada, ba ta zuba. Mai ɗinkinmu tana karɓa zuwa azumi na 12."

14/ Ku lura babu "mai kyau" ko ɗaya a ciki. Ku kuma lura da sunan kala. Hoton waya yana canza launi, musamman a hasken ƙwai. In ka ce ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ƙasa ko ruwan ganye, mace ta riga ta gan shi a ranta, har ta fara lissafin takalmin da zai hau. Hoto kuma da safe ake ɗauka, a inuwa.

15/ Daga azumi na 3 zuwa na 11 turmi bakwai suka fita, ban da na Mama. Saura huɗu. A nan ta koyi wani abu da ko Goggo ba ta faɗa ba. Wani abokin yayanmu ya turo saƙo: "Ƙanwata, ina so in saya wa Hajiyarmu, amma ni ban san kan kayan mata ba." Ashe maza suna kallo, zaɓi ne yake ba su tsoro.

16/ Washegari ta rubuta: "'Yan'uwa maza, ku faɗi shekarun wadda za a saya wa da kalar da take yawan sawa. Ni zan zaɓa, in naɗe, in kai gida. In bai yi mata ba a canza." Turmi biyu suka tafi a ranar, babu wanda ya nemi ragi. Kalmar "a canza" ce ta yi aikin, don ita ta cire musu fargabar jin kunya.

17/ Ragi kuwa, akwai bakinsa. Da farko in an taya mata 8,000 sai ta rubuta "gaskiya bai kai ba", mai saye ya ji kamar an kore shi. Goggo ta koya mata ta tsohuwar kasuwa: "Albarka, Hajiya, a ɗan ƙara." Ƙi ne, amma ƙofar tana buɗe. Mutum biyu ta sallama wa a 10,000, ƙasa da haka ba ta sauka ba.

18/ Mafi wuya shi ne masu cewa "ki kawo, bayan Sallah zan ba ki", kuma yawanci 'yan'uwa ne da ba a iya musu gatsal. Amsar da ta riƙe gaskiya ce tsagwaronta: "Anti, ki yi haƙuri, jarin aro ne, ranar mayarwa aka sa min. Amma in kin ba da rabi kafin alƙalami zan ajiye miki kwana uku." Ba ta ba da bashin ko sisi ba.

19/ Abubuwa biyu Goggo ta hana. Rantsuwa, don ta ce mai yawan rantsuwa shi ake fara zargi, balle da azumi a baki. Sai "saura ɗaya" alhali akwai biyar a ɗaki. Masu kallon sitatus mutanen unguwa ne da 'yan makaranta, suna ƙirga. In suka ga "saura ɗaya" sau uku a kan zane ɗaya, sun daina jin ka.

20/ Mayafai kuwa har azumi na 20 biyu kawai suka fita, ta fara damuwa. Ashe lokacinsu ne bai yi ba. Mayafi ba ya buƙatar tela, kuma sai ɗinki ya dawo ake neman wanda zai hau. Sai ta rubuta: "Turo hoton ɗinkinki, in haɗa miki mayafin da zai shiga." Takwas ɗin suka ƙare kafin daren Sallah.

21/ Ga abin da littafina ya nuna. Turmi 9 a 10,500, biyu a 10,000, mayafi 10 a 4,500. Jimilla 159,500. Cikin kuɗin hidima 11,000 ta kashe, 5,000 suka rage. A hannu ke nan 164,500. Ta mayar wa Mama 150,000, ta tsira da 14,500 da turmi ɗaya.

22/ Turmin da ya rage ɗaya jan ne, mai manyan furanni. An faɗi kuɗinsa, an auna shi, an faɗi aibinsa, bai dai shiga ran kowa ba. Iyakar magana ke nan: tana cire wa mai so tsoro, amma ba ta ƙirƙirar so. Wannan gyaran a Kwari ake yin sa, lokacin zaɓe. Ta ajiye shi zuwa babbar Sallah.

23/ In kina shirin taki kasuwar, kafin ki ɗora hoto ki tambayi mutum uku abin da ya taɓa ɓata musu rai a irin kayanki. Mai turare za ta ji "ba ya daɗewa a jiki", mai takalmi za ta ji "lambar ba ta yi daidai ba". Amsar wannan ce tallarki, in har kin gwada da hannunki.

24/ Masu sana'a, wace jimla ce ta taɓa sayar muku da kaya? Ku ajiye mana a ƙasa, ƙanwata tana karantawa. Waɗanda suka riga suka yi sayayya kuma, Allah ya sa a kashe lafiya.