Kafin ka tura hoton nan, nemi ranar da ya fara fitowa

Jama'a, akwai wani hoto na ƙonannun gawarwaki jere a ƙasa da ya daɗe yana yawo a wayoyi. Wani lokaci a ce Kiristoci ne aka ƙona a Najeriya, wani lokaci a ce Musulmi ne a Myanmar. Duka biyun ƙarya ne. A garin Sange da ke gabashin Kwango aka ɗauke shi, inda tankar mai ta kife ranar 2 ga Yuli, 2010, mutane suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi ta hallaka sama da mutum 200. Allah Ya kiyaye mu.

Gano irin wannan ba sai gwani ba. Ajiye hoton a wayarka, ka yanke duk rubutu da tambarin da aka liƙa masa, domin suna rikitar da bincike. Sai ka buɗe shafin TinEye ka ɗora shi. Idan sakamako ya fito, canja jerin zuwa `Oldest` don mafi daɗewa su hau sama. Hoton da aka ce na rikicin jiya ne, in ya bayyana a shafin da ya shekara goma, magana ta ƙare.

Sai dai a lura. Kwanan watan da TinEye ke nunawa ranar da shi ya fara cin karo da hoton ce, mai yiwuwa an ɗauke shi tun kafin nan. Abin da ya tabbatar kawai shi ne hoton ya riga wannan rana wanzuwa. Don sanin inda aka ɗauka, zaɓi `Biggest image`, saboda kwafi mafi girma da tsabta ya fi kusa da na asali. Yawan turawa kan rage masa inganci. Buɗe shafin da wannan kwafin yake, ka karanta bayanin da ke ƙasan hoton, ka nemi sunan mai ɗauka ko kamfanin dillancin labarai. Daga nan nemi labarin da sunan garin. Wanda ya rubuta Sange da 2010 zai ga rahotanni da yawa da wasu hotunan wurin ta ɓangarori dabam-dabam, kuma wannan daidaituwar ita ce hujja.

In TinEye bai samo komai ba, gwada Google Lens da Yandex, domin kowanne da rumbunsa. Juya hoton dama zuwa hagu ka sake gwadawa, tunda masu yaɗa ƙarya kan juya shi da gangan. Rashin sakamako kuma ba shaidar gaskiya ba ce: waɗannan shafuka ba sa ganin abin da ke cikin WhatsApp, kuma sabon hoto ma ana iya laƙaba masa labarin ƙarya. In ka rasa asalinsa, bar shi a wayarka, ka tambayi wanda ya turo maka a ina ya samo.