Kwana 5 kawai zai roƙa

Tun jiya da daddare raina yake a ɓace, kuma kun san ni, in abu ya tsaya mini a rai sai na rubuta. Ɗan yayata da na taɓa ba ku labarinsa, wanda ya gama bautar ƙasa bara, wani kamfani a Bompai ya ba shi takardar ɗaukar aiki ranar Litinin, aka ce ya sa hannu kafin Juma'a. Shi kuma yana da intabiyu ta ƙarshe a wani banki a Abuja ranar Talatar da ke bayan Juma'ar. Me ya yi? Ya kifa wayarsa a kan katifa, tana ruri yana kallonta, har Juma'a ta wuce. Jiya ya zo yana wasa da makullin babur, kansa a ƙasa, ya ce, "Kawu, kunya na ji in ce su jira ni." An ba wani gurbin, bankin kuma har yanzu shiru.

Shirun yaron nan ne yake ci mini rai. Shekarun da na yi a ofishin ɗaukar ma'aikata, ban taɓa jin haushin wanda ya roƙi ƙarin kwana ba. Wanda ya ɓace ne yake ɓata mana lissafi.

Ku gane dalilin wa'adin. Manaja ba don mugunta yake cewa Juma'a ba. Akwai wanda ya zo na biyu, ana riƙe da shi ba a sallame shi ba, kuma kullum aka ƙara yana iya samun wani wuri. Wani lokacin kuma sunanka ake so a shigar kafin a rufe lissafin albashin wata. In ka san haka, za ka san kwana 5 na aiki abu ne da ake iya ɗagawa, wata guda kuwa da wuya.

Da ya tambaye ni, da na ce ya kira ranar Talata, washegarin samun takardar. Roƙon da aka yi da yammacin ranar ƙarshe kama yake da raini. Ya kira wanda ya sa hannu a takardar, ya ce: "Yallaɓai, na gode ƙwarai, kuma ina son aikin nan. Akwai wata intabiyu da na riga na yi alkawarin zuwa tun kafin takardarku ta zo. Ina roƙon a ɗaga mini zuwa Juma'a ta sama, ranar zan ba da amsa ko ta wane hali." Ya faɗi rana, kada ya ce "ɗan lokaci". Ba dole ne ya ambaci sunan bankin ba. In an amince, ya tura imel a ranar yana maimaita sabuwar ranar, domin ofishin ma'aikata abin da ke rubuce yake bi, alkawarin baki ba ya shiga fayil.

Daga nan sai ya kira bankin, ya ce yana da tayi a hannu da zai ƙare rana kaza, ko za a iya sanar da shi sakamako kafin nan. A nan ake gane matsayin mutum. In suna sonsa za su motsa. In suka ce "za ka ji daga gare mu" kawai, ya samu amsarsa.

Na san za ku cika mini ƙasan rubutun nan da cewa a ƙasar da aiki ya yi wuya, wa ya isa ya ce a jira shi? Ban musa ba. Tayin da ba ka sa wa hannu ba ana iya janye shi, kuma akwai wuraren da ranar fara horon sababbin ma'aikata ba ta ɗaguwa. Shi ya sa na ce roƙo, ban ce sharaɗi ba. In suka ce a'a, wa'adin farko yana nan, sai ka yi istihara, ka yi shawara, ka zaɓa kafin Juma'a. Ka ga ba ka rasa komai ba.

Wasu kuma za su ce ya sa hannu kawai, in banki ya kira ya gudu. Wannan ban yarda da ita ba. An sallami na biyu saboda kai, an shirya maka tebur, sannan ka sulale bayan mako biyu? Alkawari kaya ne. Haka masu ƙirƙiro rashin lafiyar uwa don su samu kwana uku, ku ji tsoron Allah. Masu ɗaukar aiki a gari ɗaya sun san juna, suna haɗuwa a ɗaurin aure.

Mun koya wa yaranmu kunyar manya, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma ba mu koya musu yadda ake roƙon babba abu cikin ladabi ba. Yaron nan bai yi kwaɗayi ba, bai yi ƙarya ba, baki kawai ya kasa buɗewa. Na sa shi ya rubuta wa manajan ban haƙuri yau da safe, ko ba aikin, kada a riƙe shi da wulaƙanci. Ku taya shi da addu'a Allah ya sa na Abujan ya zama alheri.