Takardar Kuɗin Asibiti da Sunan da Aka Sakaya

Da daminar bara zazzaɓi ya kayar da 'yarmu ta fari. Daga Doguwa muka ratsa dajin Falgore zuwa Tudun Wada, daga nan aka tura mu wani asibiti a Kano. Ranar sallama aka miƙo mini 'yar takarda: naira 78,000. Gabana ya faɗi, domin ni ma'aikacin tarayya ne mai inshorar NHIA, kuma abin da na sani kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai ake biya.

Na ce wa akawu, "Malam, don Allah a fayyace mini su ɗaya bayan ɗaya." Ya buga mini shafi biyu, na zauna a benci da biro: gado 15,000, gwaje-gwaje 21,000, magani 42,000.

Daren Litinin aka kwantar da mu, Juma'a da safe aka sallame mu, kwana huɗu ke nan, amma biyar aka rubuta. Sai wata allura ta 6,000 da ta fito sau biyu, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Na je wurin shugabar nas-nas, ta buɗe takardar da ake sa hannu duk lokacin da aka ba mara lafiya magani. Sau ɗaya aka yi allurar. Ashe ɗaki ya shigar da ita, sashen magani ma ya shigar.

Gwajin yawan jini ma sau biyu na gani, har na ɗaga murya. Ta ce, "A'a Malam, wannan daidai ne. Ɗaya kafin ƙarin jini, ɗaya bayansa." Na ji kunya, na ba ta haƙuri.

Babbar matsalar kuwa daga gida ta taso. Daren da muka iso, uwargida ce ta yanki kati, kuma alkunya ta hana ta faɗin sunan 'yar fari, sai ta ba da laƙabi. Sunan bai dace da na katin inshora ba, aka buɗe fayil a matsayin mai biya daga aljihu. Na kai katin da takardar turawa teburin inshora, jami'in ya kira kamfanin HMO ya karɓo lambar amincewa, aka gyara sunan.

Aka sake lissafi. An cire allurar da kwana ɗaya, magani ya koma 36,000. A ciki akwai na 6,000 da ba ya cikin jerin magungunan inshora, wannan na biya shi cif. Ragowar 30,000 na ba da 3,000. Gado da gwaji inshora ta ɗauka. Naira 9,000 na biya, na karɓi sabuwar takarda mai hatimi.

Mai karatu, ranar yankar kati a ajiye kunya a ba da sunan yanka, ranar sallama kuma kada ka biya dunƙulallen kuɗi sai ka ga abin da ke cikinsa.