Launin da ba ya cikin hoton

A shekarar da aka ba mu jihar Katsina, 1987, ina yaron shago wurin wani mai ɗaukar hoto a Funtua, kuma har yau ina mamakin yaron nan, yadda yake iya zama tun hantsi har la'asar a kan goshin mutum ɗaya, da tsinke da ɗan ƙullin auduga, bai ko tuna da yunwa ba. Hoto mai kala ya riga ya shigo, sai mutane suka fara ciro tsofaffin nasu daga adaka, suna so a sa musu launi. Cikin waɗanda na yi har da na gidanmu, wanda aka ɗauka a Malumfashi wata kakar auduga, bayan Baba ya karɓi kuɗin awo.

Ba a taɓa taɓa na asalin. Maigidana sai ya sake ɗaukarsa, ya wanke babba a takarda marar sheƙi, don mai sheƙi ba ta riƙe fenti, kuma da gangan yake sa shi ya fito da haske fiye da ƙa'ida. Dalilinsa, fatarmu ta riga ta cika takarda da duhu, in ba a rage ba launi ba shi da wurin zama. Daga nan a tsoma shi a wani ruwa har hoton ya kusa ɓacewa, a ɗauraye, a sake tsoma shi a wani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai ka ga mutanen sun dawo, baƙin ya koma ruwan ƙasa. Warin nan yakan bi ni har gida. Amma rabin aikin fata ke nan an gama.

Fentin mai ne, shara-shara, ana shafawa a goge, har hoton ƙasa ya riƙa lekowa. Baba baƙi ne, Inna wankan tarwaɗa, amma haɗi ɗaya na yi musu, ruwan ƙasa da ɗigon ja, domin bambancin haskensu yana cikin hoton tun asali. Inda ake gane gwani shi ne bayan shafin farko. Goshi da karan hanci da saman kunci, inda rana ta sauka, a bi su da auduga mai tsabta a kwashe fentin kusan duka, don fata baƙa in ta yi ƙyalli hasken sama take mayarwa. Ƙarƙashin haɓa da gefen wuya a ɗan sa shuɗi kaɗan. Kunne da leɓe da gaɓoɓin yatsu a ƙara ja. Tafin hannun Inna da ya ɗan juyo a kan cinyarta ya fi bayan hannun haske, ga lalle. Wanda ya shafe fuska da launi ɗaya daga hula zuwa wuya, sai ta fito masa kamar tukunyar da aka ciro daga wuta, ba jini a ciki. Farin ido kuwa ba a ƙara masa fari, in an yi sai mutum ya zama a firgice.

Tufafi su ne suka fi wuya, saboda ja da kore suna iya fitowa toka iri ɗaya, hoton kuma ba zai faɗa maka ba. Rigar Baba dai ƙananan zanen da ke jikinta sun nuna saƙi ce, shuɗi mai duhu. Rawaninsa ya yi fari fat a wasu wurare, amma ɗan kura ne, bugun da ya sha ne ke ƙyalli, don haka shuni mai ɗan ja-ja na sa a lanƙwasa na bar ƙyallin. 'Yar sharar Yaya fara ce, ita ma ba a barinta haka: inuwar ninkinta tana son ɗan shuɗi, don da bula ake ɗauraye ta.

Zanen Inna sai da na je Malumfashi. Ta buɗe adaka, ƙamshin turaren wuta da kafur ya taso, ta zaro shi daga can ƙasa, barage ne, jan alharininsa ya koɗe a bakin ninki. Ta ware cikin ninkin ta ce, "Nan za ka duba, ɗan nan, nan ne rana ba ta ci ba." Murjanin wuyanta ma ta ɗora min a tafi. Na sa jan da sauƙi duk da haka, don in zane ya fi fuska ƙarfi ido zai bar mutum ya tafi kan zanen.

Yanzu jikokina suna yi a kwamfuta, su buɗe shimfiɗa a kan hoton su sa ta a `Color`, launi ya hau ba tare da ya taɓa haske da inuwa ba, daidai abin da audugata ke yi. Na waya mai yi da kansa ya mayar da saƙin Baba ruwan toka, ya kuma haskaka Inna fiye da yadda Allah ya yi ta.

Rigar ƙanwata da ke kan cinyar Inna kuwa, ba wanda ya tuna launinta. Inna ta ce ɗorawa, Gwaggo ta rantse kore ce, suka yi ta musu har magariba. Maigidana ya ce abin da ba a tabbatar ba kada a ƙaga, na bar ta ruwan ƙasa, muka jingine hoton nesa da ƙura ya bushe.