Takardar tuni ta mai koyon Python: a jera ta bisa aiki

Duk malamin da ya koyar da rubuta manhajar kwamfuta ya san tsarin da darasi yake bi. Satin farko a koyi ajiye adadi da rubutu, sannan a shiga `if`, daga nan `for` da `while`, sai jeri, can wajen ƙarshen zango a taɓa fayil. Ni ma haka nake koyar da Python, don ba a iya gina kai a bar tushe. Sai dai ranar jarrabawa ko ranar aikin gida, ba da wannan tsarin tambaya take zuwa ba. Ba wanda zai ce wa yaro ya kawo misalin sati na huɗu. Za a ce masa ne: ga makin ɗalibai, fitar da mwayan ɗinsu, ka ƙirga waɗanda suka kai 10 bisa 20. Sai ka gan shi yana ta buɗa kaye gaba da baya, amsar tana ciki, amma a warwatse a shafuka uku.

Shi ya sa idan zango ya yi nisa nake sa ɗalibaina su kwashe misalan da na rubuta a allo su mayar da su takarda ɗaya, gaba da baya, wadda aka jera bisa aikin da kowane misali yake yi. Iyaye, idan kun ga irinta a jakar ɗanku kada hankalinku ya tashi. Ba ta satar amsa ba ce, a gida da ɗakin kwamfuta take aiki, kuma ba ta shiga jarrabawa sai in malami ya ce a shigo da ita.

Abin da nake fara nema shi ne yaro ya bi misalan ɗaya bayan ɗaya, a gefen kowanne ya rubuta da fensir abin da yake yi, cikin kalmomi biyu ko uku, da Hausa in ya so. Sharaɗina guda ne, kada ya rubuta sunan darasin. In ya rubuta `for` a gefen misali, bai faɗi komai ba, don `for` kayan aiki ne kamar guduma. Ina son in ga "tara jimla", "ƙirga masu cika sharaɗi", "nemo mafi girma", "jera daga ƙarami", "karɓi adadi daga mutum", "karanta fayil layi-layi". Nan ne wahalar take, kuma nan nake gane wanda ya fahimta da wanda ya kwafa kawai. Wanda ya kasa faɗin aikin misali da bakinsa, to tun ranar da aka koyar da shi bai shiga ba.

Da an gama wannan sai a ga misalai da yawa ashe abu ɗaya ne ya sake riga. A darasina akwai misalin tara adadi daga 1 zuwa 10, akwai na tara makin aji, akwai na tara kuɗin da ke cikin fayil. Makonni ne tsakaninsu, amma ƙashin bayansu ɗaya: a fara da sifili, a bi abubuwa ɗaya-ɗaya, a riƙa ƙarawa. Guda ɗaya ya isa ya shiga takarda, mafi gajarta:

```python
notes = [12, 8.5, 15, 9]
total = 0
for n in notes:
    total = total + n
print(total / len(notes))   # 11.125
```

A lura da abu biyu. Layin farko, mai ɗauke da makin, dole ya zo tare da sauran. Yara suna son yanke shi don ajiyar wuri, sai bayan wata guda su buga misalin kwamfuta ta amsa da `NameError`, domin ba ta san mene ne `notes` ba. Na biyu, amsar da ake sa rai tana rubuce a gefe. Maki huɗun nan jimlarsu 44 da rabi, a raba huɗu ya ba da 11.125, abin da yaro zai iya tabbatarwa da biro. Misalin da ba a san amsarsa ba, ba a iya sanin ko ya lalace wajen kwafa.

Ƙirga waɗanda suka ci kuwa ba ya bukatar a sake rubuta komai. A ƙarƙashin wancan sai a sa ɗan bayani: in ƙirga ake so, a saka `if n >= 10:` a cikin madaukin, a riƙa ƙara 1 maimakon `n`, a ƙarshe a buga `print(total)` ba tare da rabawa ba, amsa ta fito 2. Yaron da ya ga waɗannan biyun kusa da juna ya ga danginsu, abin da kaye ya ɓoye masa saboda darasin `if` da na `for` ba rana ɗaya aka yi su ba.

Ɓangaren da na fi ba muhimmanci shi ne layin tarko, wato a ƙarƙashin kowane aiki a rubuta inda ake faɗawa da yadda ake gane an faɗa. A ɗauki karɓar adadi. Duk abin da `input()` ya kawo rubutu ne, ko da mutum lamba ya buga. In aka haɗa `"12"` da `"8"` sai a samu `"128"` maimakon 20, kuma kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. Haka `max(["9", "15", "12"])` zai ce `"9"` ne babba, saboda harafin farko yake dubawa. Irin wannan kuskure ya fi mai jan rubutu a allo haɗari, don shiru yake yi, sai ɗalibi ya miƙa aiki yana murna.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mu nan Nijar. Mun taso a lakwal muna rubuta 12,5 da waƙafi irin na Faransanci, Python kuwa ɗigo ta sani. `float("12,5")` yana tsayawa da `ValueError`. Don haka abin da nake so in gani a takardar ɗalibina shi ne:

```python
texte = input("Note : ")
note = float(texte.replace(",", "."))
```

A wajen jerawa, layi ɗaya ya wadatar: `sorted(notes)` yana ba da sabon jeri, `notes.sort()` kuwa yana gyara na asali ne bai dawo da komai ba. Wanda ya rubuta `notes = notes.sort()` zai tarar makinsa sun zama `None`.

Kafin misali ya samu shiga takarda, sai an buga shi a sabon fayil shi kaɗai, an ga ya fitar da amsar da ke gefensa. Na san ba kowane gida ke da kwamfuta ba, ga kuma ɗaukewar wuta, to a tara su a gwada ranar da aka shiga ɗakin kwamfuta. Wanda ba a gwada ba a sa masa alamar tambaya har sai an gwada.

Ƴan uwana malamai sukan tambaye ni me ya hana in rubuta takardar da kaina in yi fotokofi in raba. Da ta fi tsabta, babu shakka. Amma rarraba misalan shi ne karatun, kuma tarkon da ya kama wannan yaro ba shi ya kama wancan ba. Wata ɗaliba ta cika rabin shafi da abin da ya shafi fayil, ta ba `if` layi biyu kacal, don shi ba ya ba ta wahala. Takardarta ba za ta yi wa na kusa da ita amfani sosai ba.

Takardar tana da iyaka. Za ta tuna wa yaro yadda ake karanta fayil da yadda ake tara jimla, amma ba za ta gaya masa cewa tambayar da ke gabansa tana son ya karanta fayil, ya mayar da rubutu adadi, sannan ya tara ba. Wannan sai da yawan gwaji. Uba ko uwa da ba su taɓa ganin Python ba suna iya taimakawa a nan: a karɓi takardar, a karanto kan magana ɗaya, kamar "nemo mafi girma", a ce yaro ya rubuta shi a kaye ba tare da ya duba ba, sannan shi da kansa ya gwada da na takarda. Abin da ya rubuta daidai sau biyu ko uku a ranaku dabam-dabam, ya soke shi, ya ba sabon darasi wurin.