Wasiƙa zuwa ga ƙanwata: wutar sama ce ke gasa kek

Saƙonki ya iso, na kuma ga hoton kek ɗin: ƙasa baƙi ƙirin, tsakiya kuwa ƙullu. Kin ce kurfoti ba ya gashi, sai kin tara kuɗin oben. To kada ki mayar wa matar nan kuɗin kek ɗin sunan tukuna, ki fara ji na.

Ni ma haka na yi a 2015, lokacin da dumso ya yi tsanani a Ankara. Wata mai saro atamfa a Nima ta ba ni aikin biki, aka ɗauke wuta ƙullu na kwaɓe. Na cika kurfoti da gawayi, na ɗora tukunya, na yi ta fifita kamar mai dafa wake da shinkafa. Ƙwai goma da bota rabin kilo suka tafi a banza, ranar nan har kuka na yi. Wata tsohuwa 'yar Maamobi da ke toya burodi ce ta nuna mini kuskurena: na tara wuta a gindi, sama kuwa ba komai. A oben zafi zagaye ƙullu yake yi. A tukunya ke ce za ki kai masa wutar sama da hannunki.

Ki sami babbar tukunyar dalma mai kauri, irin ta tuwon biki. Zuba yashi mai tsabta, busasshe ƙarau, kaurin yatsu biyu. Idan da danshi, tururi zai taso ya jiƙa saman kek. Jera ƙananan duwatsu uku a kai, gwangwanin kek ya zauna a kansu, kada ya taɓa yashi ko jikin tukunya. Ki rufe, ki bar tukunyar ta yi zafi ita kaɗai na minti 15.

Kafin ki sa ƙullu ki gwada zafin. Barbaɗa ɗan fulawa a marfin gwangwani, ki sa ciki ki rufe. Idan cikin minti biyar ta yi ruwan zuma, daidai ke nan. Idan ta yi baƙi kafin nan, ki rage wuta ki ɗan jira. Idan tana nan fari fat, da saura.

Yanzu ga inda maganar take. Sai gawayi ya kama sosai, ya yi ja, farin toka ya fara rufe shi, babu harshen wuta babu hayaƙi. Sannan ki raba garwashin kashi uku: kashi ɗaya ya zauna a kurfoti, kashi biyu ki kwashe ki ɗora a kan murfi. Na saman ma ki baza shi gefe-gefe, kada ki tsibe shi a tsakiya, don in kin yi haka saman zai yi ɓawo da wuri, ƙullun ciki ya taso ya fasa shi. Murfin ya zama shimfiɗaɗɗe, ko farantin ƙarfe mai kauri. Ban da langalangar rufi da duk wani abu mai fenti.

Ga awon da nake yi wa gwangwani mai faɗin santimita 20: bota giram 250, sukari 250, fulawa 250, ƙwai biyar, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya. Ƙullu kada ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwani. Minti 25 na farko, ko me ya faru, kada ki ɗaga murfi. Na san halinki da leƙe-leƙe tun muna yara, amma iska mai sanyi na shiga, tsakiyar za ta lotsa, kuma ba ta sake tashi. Abin da za ki yi kawai, duk bayan minti goma ki ɗan juya tukunyar a kan kurfoti, saboda ɓangaren da iska ke bugowa ya fi ci. Hanci ne zai gaya miki sauran: ƙamshin bota lafiya lau, ƙauri kuwa gindi ne ke ƙuna, maza ki zare garwashi biyu-uku daga ƙasa.

Wajen minti 45 ki karkaɗe tokar murfi kafin ki ɗaga shi, ki soka tsinke a tsakiya. Ya fito a bushe, an gama. Ya fito da ƙullu alhali sama ya yi ja, ki kwashe rabin wutar sama ki ƙara minti goma.

Gawayi ki zaɓi mai nauyi, wanda ke ƙara in kin buga biyu, irin wanda ake saukowa da shi daga wajen Kintampo. Mai sauƙin nan kafin rabin awa ya zama toka. A nan iskar teku na sa shi danshi, shi ya sa nake shanya nawa tun safe.

Don Allah kada ki yi gashin nan a ɗaki a rufe, ko da ana ruwa. Iskar gawayi ba ta da wari, amma tana kisa. Ki yi a tsakar gida ko baranda.

Sunan ranar Asabar ne ko? Ki gwada rabin awon ranar Laraba, shi ba zai kai minti 45 ba, ki yanka shi biyu ki turo mini hoton cikinsa. Ki gaishe da maigidan.

Yayarki.